Bitar mutum 30: a kwana a otal a Kano, ko a yi jeka-ka-dawo a Bichi?

Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta kasafin kuɗin taron bita ya san cewa ba a kan farashin biro da littafi ake kai ruwa rana ba. Tambaya guda ce take riƙe da sauran layukan: mahalarta za su kwana, ko kowa zai koma gidansa da yamma? Da zarar an amsa ta, kuɗin zaure da na abinci da na mota da alawus duk sun sami alƙibla. In aka bar ta a buɗe aka fara cike lambobi, sai an yi aikin sau biyu.

Zan yi bayani da aikin da na taɓa tsarawa. Ana son koya wa ma'aji da sakatarorin ƙungiyoyin manoma yadda ake riƙe littafin shigar kuɗi da fitarsu. Bitar kwana uku ce, mutum 30 ne, fiye da rabinsu mata, daga Bichi da maƙwabtanta irin su Bagwai, Tsanyawa, Kunchi da Shanono. Masu horarwa biyu, ma'aikatanmu uku, dukkansu mazauna Kano. Farashin da zan kawo na misali ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin mota da na abinci ba ya zama wuri guda, saboda haka kowa ya tambayi nasa a satin da zai rubuta kasafi, ya kuma nemi a rubuta masa a takarda tare da ranar da farashin zai daina aiki.

Akwai layi biyu da ba ruwansu da inda aka yi taron, gara mu kawar da su tun yanzu. Na farko ladan masu horarwa. Mun yi ciniki a kan naira 60,000 kowace rana ga kowannensu, kuma na lissafa musu kwana huɗu maimakon uku, domin akwai yinin shirya darasi da rubuta rahoto. Wanda bai biya wannan yinin ba zai ga an zo masa da tsohon darasin da aka yi wa wasu bara, an canja take kawai. Jimla 480,000. A nan akwai abin da yake ɓata zumunci in ba a faɗe shi tun farko ba: ƙungiya mai rajista tana cire harajin kashi 5 cikin ɗari daga ladan ƙwararre ta kai wa hukuma. Wanda aka yi wa alkawarin 240,000 zai ga 228,000 a asusunsa. A gaya masa kafin ya sa hannu, kada sai ranar biya.

Na biyu kayan aiki. Kowane mahalarci yana buƙatar littafin lissafi mai layuka irin wanda zai ci gaba da amfani da shi a ƙungiyarsa, da ƙaramar kalkuleta, da biro, da rula, da darasin da aka buga da Hausa. Wannan ya kama 5,000 a kan mutum guda, wato 150,000. Sai manyan takardun liƙawa a bango, da maka, da takardar shaida, 60,000. Jimla 210,000. Ban sa jaka da riga mai tambari ba, kuma ba na ba da shawarar a sa. Kuɗin jaka guda zai sayi littafin lissafi na biyu, wanda shi ne zai tsaya wa ma'aji idan na farko ya cika.

To, mu shiga otal.

In za a fara ranar Talata da ƙarfe tara, dole mutane su iso Litinin da yamma. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a kasafin sababbin shiga: an rubuta bitar kwana uku, an lissafa dare biyu, an manta da daren isowa. Dare uku ne, Litinin, Talata, Laraba, a sallami jama'a Alhamis bayan azahar don su isa gida da ido. Mun haɗa mutum biyu a ɗaki, ɗakuna 15 a kan 30,000, sau uku, ya ba da 1,350,000. Zaure 150,000 a yini, 450,000 ke nan, amma da wuta da sanyi da majigi da lasifika a ciki. Shayin hantsi da abincin rana 8,000 a kan kowane baki, kuma bakuna 35 ne, ba 30 ba, domin masu horarwa da ma'aikata su ma ci suke yi: 840,000. Yawancin otal ba sa yarda a shigo da abinci daga waje, don haka ba ka da damar neman mai rahusa.

Waɗannan uku sun tashi 2,640,000, amma ba shi za ka biya ba. A ƙasan takardar kuɗin otal za ka ga layin harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, wato ƙarin 198,000. Wasu wuraren suna ɗora kuɗin hidima a kai. Kafin ka rubuta komai ka tambayi manaja kai tsaye: "Ranka ya daɗe, wannan farashin da haraji a ciki ne, ko sai an ƙara?" Na taɓa tsayawa gaban kanta ranar Alhamis, mutane suna jira da jakunkunansu a ƙofa, ana nuna mini bambancin da ban tanada ba saboda ban yi wannan tambayar ba. Sai da aka taɓa kuɗin da aka ware don ziyarar bibiya, kuma ziyarar ba a yi ta ba.

Abincin dare ya fi sauƙi a ba kowa kuɗinsa a hannu, 7,000 a dare, jimla 630,000. Kuɗin mota sau ɗaya ne, zuwa da komawa, kimanin 6,000 a kan mutum, 180,000. In aka haɗa da masu horarwa da kayan aiki, aka ɗora kashi 5 na ko-ta-kwana, kasafin otal ya tsaya a kan naira 4,554,900. Kowane mahalarci ya ci kusan 152,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashin 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Yanzu Bichi. Zauren makaranta ko na wata ƙungiya ana samunsa a 30,000 a yini. Arahar tana da yaudara, domin zauren bango ne da rufi kawai. Janareta da mansa da hayar fanka da ƙarin kujeru sun ci 25,000 kullum. Duk da haka zaure da wuta na kwana uku 165,000 ne, bai kai rabin na otal ba. Abinci kuwa mai girki ta gari za ta yi shinkafa da miya da nama, da ruwa da lemo, da ƙosai ko fanke da shayi da safe, a 4,500 kowane baki: 472,500. Mota daga Kano don masu horarwa da ma'aikata 50,000 a yini, da ƙarin 30,000 na zuwa duba zauren tun kafin ranar, jimla 180,000. Wannan zuwan dubawa kada a soke shi don tsimi. A nan ne za ka gane ko banɗaki yana aiki, ko akwai ruwan alwala, ko akwai inuwar da mai goyo za ta zauna, ko kuma an ba wa masu biki zauren a rana ta biyu.

Kuɗin mota shi ne layin da ya fi buƙatar natsuwa a wannan tsarin, domin kullum ake biyansa. Mutane da yawa suna yanka kuɗi guda ga kowa don gudun surutu. Ni ban yarda da haka ba. In ka ba kowa 4,000, na cikin garin Bichi da ya tako da ƙafa ya ci riba, wadda ta hau acaɓa daga ƙauyensu zuwa bakin titi sannan ta jira mota ta cika ta yi ciko daga aljihunta. Ranar farko za ta zo, rana ta uku ba lallai ba. Abin da muka yi shi ne raba mutane gida uku tun a takardar gayyata: mutum 12 na kusa 2,000, mutum 12 na tsakiya 4,000, mutum 6 na nesa 6,000. Kullum 108,000, kwana uku 324,000. Farashin ba a ofis muka ƙirƙire shi ba, tasha aka je aka tambayi 'yan kamasho, aka kuma tambayi mahalarta biyu daga kowane yanki. Da yake kowa ya ga rukuninsa a rubuce kafin ya baro gida, ba a yi gardama a teburin biya ba.

Sai alawus ɗin yini, 3,000 ga kowa, 270,000. Na sa ko-ta-kwana kashi 10 a nan, ba 5 ba, saboda abubuwan da za su iya lalacewa sun fi yawa kuma duk a wuyanka suke: janareta ya ƙi tashi, mai ya ƙare, ruwan sama ya hana mai girki hura wuta. Jimlar Bichi 2,311,650, kimanin 77,000 a kan mutum. Rabin na otal ke nan da ɗan ɗoriya.

Da a nan lissafi ya ƙare, da babu abin tattaunawa. Amma kwana uku a otal da kwana uku a Bichi ba tsawonsu ɗaya ba, kuma wannan ne abin da nake so mai tsara kasafi ya riƙe.

A otal mutane suna hawa bene su sauko. Ana farawa tara, a tashi biyar, a cire awa biyu na shayi da salla da abinci, saura awa shida na karatu. Ranar ƙarshe awa huɗu. Jimla awa 16. A jeka-ka-dawo kuwa, ka rubuta ƙarfe tara a takarda in ka so, zauren ba zai cika ba sai goma da rabi. Ba lalaci ba ne. Mace sai ta sallami yara, ta ɗora abin da za a ci, sannan ta fito neman abin hawa. Da an yi kiran la'asar kuma hankalin na nesa ya koma hanya, domin motar ƙauye ba ta jiran kowa. Abin da ake samu na gaske awa huɗu ne a yini, 12 a kwana uku. Mai horarwa da ya shirya darasin awa 16 zai yi ɗayan biyu: ko ya yi gudu, ko ya yanke aikin gwaji. Kuma kusan kullum gwajin yake yankewa, alhali shi ne bitar. Ma'ajin da bai zauna da hannunsa ya rufe lissafin wata guda ba, ya ga kuɗin akwati bai yi daidai da na littafi ba, ya bi layi-layi ya gano inda aka rubuta 4,500 a madadin 5,400, bai koyi riƙe littafi ba, ya dai ji labarinsa.

Maganin wannan ba komawa otal ba ne, ƙara yini ne. Yini na huɗu a Bichi, da zaure da wuta da abinci da mota da alawus da ladan masu horarwa da ko-ta-kwanansa, 638,550 ne. Kasafin ya koma 2,950,200, kimanin 98,000 a kan mutum, kuma awannin karatu sun zama 16 daidai da na otal. Har yanzu akwai rarar fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida tsakaninsu. Saboda haka kwatancin gaskiya shi ne kwana uku a otal da kwana huɗu a gida, ba uku da uku ba. Wanda ya kai wa mai ba da tallafi kasafin kwana uku na jeka-ka-dawo yana murnar araha, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na karatun bai sani ba.

Akwai kuma tambayar wa zai zo. Wannan ba ya fitowa a lambobi, amma shi yake nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Da aka fara maganar otal, wata ma'aji ta kira ni ta ce, "Malam, ni fa da goyo nake, kuma maigida ba zai bar ni in kwana uku a birni ba. In dai zuwa ne a dawo, ko sati ne zan zo." Ba ita kaɗai ba ce. Idan irinta ba ta zo ba, kujerarta ba ta zama fanko. Shugaban ƙungiya zai turo ƙaninsa ko ɗansa, domin kwana a otal da kuɗi a hannu abin so ne. Sai ka horar da wanda ba shi yake riƙe da littafin ba, takardar halarta ta cika, rahoto ya yi kyau, lissafin ƙungiya yana nan yadda yake. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: a ce kowa ya zo da littafin ƙungiyarsa, a safiyar farko a buɗe a tambaye shi shafin watan jiya. Wanda ba rubutunsa ba ne, a take ake ganewa. In kuma an dage sai otal da mata masu goyo, to a sa 'yan raino a kasafi, da abincinsu da makwancinsu, domin za su zo ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Haka nan idan mutum shida suka fasa zuwa. A otal ka riga ka biya kafin alƙalami a kan ɗakuna da adadin faranti, da wuya a dawo maka da shi cikakke. A Bichi kuɗin motarsu da alawus ɗinsu yana nan a jakarka, mai girki ma ka kira ta da safe ta rage mudu.

Duk da haka akwai inda otal ya fi, kuma ba na so a ɗauka ina kushe shi ne. Abin da yake yanke hukunci tsawon tafiya ne, ba kuɗinta ba. Gado da abincin dare na mutum ɗaya a otal sun haura 23,000 a dare, kuɗin motar yini kuwa da wuya ya kai haka, don haka in ka bi kuɗi kaɗai kullum jeka-ka-dawo zai ci. Amma jiki yana da iyaka. Ma'aunin da nake aiki da shi shi ne awa ɗaya da rabi: wanda tafiyarsa daga ƙofar gida zuwa ƙofar zaure ta wuce haka, ba zai jure zuwa da komawa kwana huɗu a jere yana fahimtar lissafi ba. Da mahalartanmu sun haɗa da mutanen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, can kudancin jihar, babu garin da zai zama kusa da kowa, sai a kwana. Haka in hanya ba ta da aminci da yamma, ko tsakiyar damina ne inda ruwan dare ɗaya yake raba ƙauye da titi. Haka kuma in darasin na kwamfuta ne, mutum 30 kowa da na'ura a gabansa: ƙaramin janareta da zauren makaranta ba za su ɗauka ba, yini guda da aka rasa saboda wuta ya cinye ribar.

Batun alawus ma ya sha bamban a tsarin biyu, kuma a nan ake yawan samun saɓani. A otal alawus madadin abin da ba ka ciyar ba ne, wato abincin dare da ƙananan buƙatu. In cikin mahalarta akwai ma'aikatan gwamnati, za su zo da lissafin alawus ɗin tafiyar aiki a kansu. Jadawalin da gwamnatin tarayya ta sabunta a 2022 ya fara daga 10,000 a dare ga ƙananan matakai har 37,500 ga mataki na 16 da 17. Wannan kuɗin an yi shi ne don mutum ya biya wa kansa masauki da abinci. In ka ba shi ɗaki ka ciyar da shi sannan ka ba shi cikakken alawus, ka biya abu ɗaya sau biyu, kuma mai binciken kuɗi zai tsaya a kai. Ko dai ɗaki da ragaggen alawus, ko cikakken alawus ya nemi masaukinsa. A rubuta wanda aka zaɓa a takardar gayyata. A jeka-ka-dawo kuwa, alawus ɗan abin rage asara ne ga wanda ya bar gona ko sana'a ya zo. Ina ajiye shi ƙarami da gangan. Idan ya kai yadda zai fi abin da mutum yake samu a yini nesa ba kusa ba, ka sake buɗe ƙofar turo ƙane da ɗa.

Yadda ake biya ma yana da tasiri. A Bichi kuɗin mota kullum ake ba da shi da yamma, a hannu, domin akwai wanda ba shi da na dawowa gobe in ba a ba shi na yau ba. Alawus kuma a tara a biya ranar ƙarshe bisa adadin kwanakin da mutum ya halarta. A sa hannu sau biyu a yini, da safe da bayan azahar, wanda ba ya rubutu ya dangwala. In za a tura ta banki, a karɓi lambobin asusu tun ranar farko a gwada sunayen, saboda za ka tarar wasu matan asusun mijinsu ko na ɗansu suka bayar, kuma wanda zai cire kuɗin a wurin masu na'urar cirar kuɗi sai an yanki wani abu a ciki. Canji ma a tanade shi tun jajibiri. Raba 2,000 da 4,000 ga mutum 30 da la'asar sakaliya, ana neman wanda zai fasa kuɗi, yana cin rabin awa daga lokacin da na nesa suke buƙata don kama mota.

A ƙarshe ba ɗaya daga cikin biyun muka ɗauka tsantsa ba. Mun yi kwana huɗu a Bichi, Litinin zuwa Alhamis, don kada mu taɓa Juma'a. Mutum shidan nan na nesa aka ba su zaɓi: ko su riƙa karɓar 6,000 kullum su yi ta zirga-zirga, ko a ba su kuɗin zuwa da komawa sau ɗaya a mayar da sauran kuɗin kwana a cikin gari. Huɗu suka zaɓi kwana, yawancinsu a gidan 'yan'uwa, kuma su ne suke fara isowa zaure kowace safiya. Daga rarar da ta rage tsakanin wannan kasafin da na otal muka ware kuɗin mota da ladan mai horarwa ɗaya, ya zaga ƙungiyoyin bayan wata biyu, ya zauna da kowane ma'aji a kan tabarmarsa, su buɗe littafin tare su rufe lissafin wata.